Lodin gyaɗa ya faɗi gwaji: yadda za ka mayar da shi, ka kuma sa mai kawo kaya ya tono musabbabin

Wannan jagora ta masu sarrafa gyaɗa ce a Yamai, masu markaɗen miya da masu mai da ƙuliƙuli, waɗanda ke karɓar gyaɗa ɓararriya tan-tan daga hannun ƴan kasuwa. Zan bi misali guda daga tsayawar mota har zuwa rufe magana. Adadin da ke cikin misalin nawa ne, na tsara su don a gane aikin, amma ƙa'idojin da zan ambata na gaske ne.

Ga misalin. A watan Nuwamba, kaka ta shigo, mota ta taso daga yankin Maraɗi ta yi tafiyar sama da kilomita 600 ta tsaya ƙofar mangazarka da buhu 200, kowane kilo 50, wato tan 10. A takardar cinikinku an rubuta cewa laimar gyaɗar kada ta wuce kashi 8 cikin 100, gubar afilatoksin kuma kada ta wuce mikirogiram 15 a kowane kilo. Wannan 15 ɗin ita ce iyakar da hukumar Codex Alimentarius, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta sa wa gyaɗar da za a ƙara sarrafawa. A takardar labo za ka gan ta an rubuta µg/kg ko ppb, duk abu ɗaya ne. Ta fannin laima, Codex ta yarda har kashi 9 ga ɓararriyar gyaɗa, amma mai niyyar ajiye ta watanni ya fi samun kwanciyar hankali da 8 ko ƙasa da haka.

In babu irin wannan takarda tsakaninku, ka sani tun yanzu cewa mayar da kayan zai yi maka wuya. Wanda aka ce wa "a kawo mini mai kyau" zai rantse cewa mai kyau ya kawo, kuma ba ƙarya ya yi ba a idonsa. Ko da layi huɗu ne a waya, a rubuta adadin kafin a biya kafin alƙalami.

Mataki na farko: ɗaukar samfuri yadda zai tsaya a gaban kowa

Duk gardamar da za ta biyo baya a kan samfurin nan za ta tsaya, don haka a nan ya kamata a ɓata lokaci. Afilatoksin ba ta watsuwa daidai a cikin lodi. Fumfuna ce ke haifar da ita, kuma tana taruwa ne a ƴan ƙwayoyi kaɗan, ta yadda ƙwaya ɗaya da ta ruɓe ƙwarai za ta iya ɗaukar gubar da ta fi ta dubban lafiyayyu. Wanda ya cusa hannu a buhu biyar na bakin mota ya ɗebo kilo guda bai auna lodin ba, sa'arsa ya auna.

Tsarin Codex ga lodin da ya wuce tan 5 bai wuce 10 ba shi ne a ɗebo daga wuri 60, a tara kilo 20. A misalinmu ke nan kusan kowane buhu na uku da ƴan dako suka sauke, a soke shi da ƙarfen zare samfuri a fitar da kimanin giram 330. A riƙa canza wurin sukar, wani sama, wani tsakiya, wani gindi, kuma a tabbata buhunan ƙasan mota da na can ciki kusa da kan mota sun shigo lissafi. Direba ko wakilin mai kayan ya tsaya yana kallo, ya sa hannu a takardar da ta faɗi rana da lambar mota da yawan buhunan da aka soka.

Kafin ka zuba ɗiban kowane buhu cikin tarin, ka auna laimarsa shi kaɗai, ka rubuta lamba a jikin buhun da alli ko maka, ka rubuta sakamakon a gaban lambar. Dalilin zai fito a misalinmu. Buhu 42 sun nuna tsakanin 7 da 7.8, buhu 18 kuma sun nuna tsakanin 10 da 11.2. Da an gauraya su aka auna sau ɗaya, da na'urar ta ce 8.4 ko kusa da haka, mai kayan ya ce ai ɗan kaɗan ne ya haura, a rage masa wani abu a wuce. Gaskiyar kuwa ita ce kusan kashi ɗaya cikin uku na lodin jiƙaƙƙe ne sosai, sauran kuma lafiya lau. Wannan rabuwa gida biyu ita ce alama ta farko cewa kayan ba daga wuri ɗaya suka fito ba.

Sannan a kai kilo 20 ɗin nan gaba ɗaya a niƙa, a juya garin sosai, daga nan ne za a raba shi uku: ɗaya na gwaji, ɗaya na mai kaya, ɗaya a rufe a sa hannu a ajiye saboda ranar gardama. Mutane da yawa suna raba ƙwayoyin tun ba a niƙa ba, sai labo biyu su ba da sakamako biyu da suka yi hannun riga, kowa yana zargin ɗan'uwansa, alhali ƙwayoyin masu gubar ne suka faɗa leda ɗaya suka bar ɗaya.

A misalinmu sakamako ya dawo 42, kusan ninki uku na iyakar.

Mataki na biyu: ka tuhumi awonka kafin ka tuhumi mutum

Wannan ba ya cin lokaci. Na'urar auna laima tana da zaɓin irin ƙwaya, sai ka duba ko a kan gyaɗa take ba a kan gero ko wake ba. Gyaɗar da ta sha rana a bayan mota takan ruɗi na'ura, don haka a bar samfurin ya huce cikin leda rufaffiya a inuwa, a sake aunawa. In da takardun gwajin gaggawa kuka auna gubar, ka duba ranar lalacewarsu da inda aka ajiye su, domin zafin Yamai yana kashe su in an bar su a kan tebur maimakon yadda mai yin su ya rubuta a kwali. Lodin tan 10 ya cancanci a tabbatar da sakamakonsa a labo mai zaman kansa ko na gwamnati. A Yamai akwai LANSPEX, ɗakin gwaje-gwajen lafiyar jama'a na ƙasa, sai ka tambaye su tun kafin kaka irin gwajin da suke yi da kwanakin da yake ɗauka, don kada ka fara neman hanya mota tana tsaye.

Mataki na uku: killace kayan

Lodin da ya faɗi kada ya kwana kusa da wanda ake ɗiba ana aiki. A ɗora shi kan katako nesa da bango, a kewaye shi da igiya, a liƙa takarda babba mai cewa an dakatar da shi, da rana da lambar lodin. Mutum ɗaya ne kawai zai iya ba da izinin taɓa shi. A ƙaramar masana'anta abin da ke faruwa shi ne gyaɗa ta yanke wa masu suya da yamma, wani yaro ya jawo buhu biyu daga tarin da ke kusa, shi ke nan guba ta shiga robobin da za su tafi kanti.

Kada ka lulluɓe jiƙaƙƙun buhuna da tamfal, iska suke so. Kula da kayan nan nauyi ne a kanka muddin suna hannunka, ko da ka ƙi su. In suka ƙara lalacewa a mangazarka saboda sakaci, mai kayan zai sami abin faɗa, kuma da gaskiyarsa.

A takardar kawo kaya da direba zai miƙo maka, kada ka sa hannu haka kawai. Ka rubuta cewa an sauke buhu 200, ba a karɓa ba tukuna, ana jiran sakamakon gwaji, an kuma ga laima sama da yarjejeniya a buhu 18 cikin 60. Ka ɗauki hoton buhunan da ɗinkinsu da fuskar na'urar tana nuna adadin.

A nan ne a misalinmu aka lura da wani abu: duk buhu 18 ɗin masu laima da shuɗin zare aka ɗinke bakinsu, sauran da fari. Da aka ƙirga lodin duka, masu shuɗin zare 60 ne, masu fari 140. Irin wannan ɗan abin lura ya fi dogon wa'azi amfani ga mai kayan, domin shi ya san hannun da ke ɗinki da shuɗin zare.

Mataki na huɗu: sanarwa, da baki sannan a rubuce

Ka fara da kira. Mutumin da kuka shekara kuna ciniki bai kamata ya fara jin labarin a takarda ba. Bayan gaisuwa ka ce masa: "Alhaji, kaya sun iso lafiya, amma akwai abin da muka gani wanda nake so ka gani da idonka ko ka turo wanda ka yarda da shi. Zan aiko maka da adadin da hotuna yanzu." Kada ka ce an cuce ka, kada ka ce an yi algus. Ba ka san haka ba tukuna, kuma da zarar kalmar ta fita, Alhaji zai koma kare mutuncinsa ya bar neman abin da ya faru.

Amma a ranar, rubutu ya bi bayan kiran. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci bai ɗaya, kuma dokarsu ta kasuwanci da aka sabunta a 2010 ta ce aibin da ke bayyane ranar karɓar kaya dole mai saye ya sanar da mai sayarwa cikin wata guda bayan kawowa, in ba haka ba haƙƙinsa ya faɗi. Wannan yana aya ta 258. Aibin da ke ɓoye kuwa, aya ta 259 ta ba da shekara guda daga ranar da aka gano shi ko ya kamata a gano shi. Wata guda iyakar doka ce kawai. Gyaɗa mai laima 11 ba za ta jira ka wata guda ba, kullum gubar ƙaruwa take. In kuɗin da yawa kuma ka ga alamar za a musanta, ka kira jami'in shari'a mai rubuta shaidar gani da ido ya zo ya ga kayan a inda suke.

Takardar takan fita da Faransanci saboda ajiya, amma in Alhaji da Hausa yake aikinsa, ka aika masa ta Hausa ma, ko ka karanta masa ita a saƙon murya. Ga yadda za ta iya kasancewa:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Game da lodin gyaɗa ɓararriya buhu 200 da ya iso mana ranar kaza a mota mai lamba kaza. Yarjejeniyarmu ita ce laima kada ta wuce kashi 8, afilatoksin kada ta wuce 15. Mun ɗebi samfuri daga buhu 60 a gaban direbanka. Buhu 18 sun nuna laima daga 10 zuwa 11.2, kuma dukansu masu shuɗin zare ne, irinsu 60 ne a lodin. Gwajin labo ya nuna afilatoksin 42. Takardar labo da hotuna suna haɗe. Saboda haka ba mu karɓi wannan lodi ba, mun killace shi, mun dakatar da biyan cikon kuɗinsa. Muna roƙon abu uku. Cikin kwana biyu, ka sanar da mu ko akwai sauran gyaɗa daga wannan tushe a mangazarka ko a hanya, da abin da kake so a yi da wadda ke hannunmu. Cikin kwana goma, ka rubuto mana abin da ya jawo laimar da gubar, da dalilin da ya sa ba a gano ba kafin a yi lodi, tare da shaida. Cikin wata guda, ka nuna mana abin da aka canza don kada ya sake faruwa. An ajiye maka kasonka na samfurin a rufe. Muna so cinikinmu ya ɗore, shi ya sa muka rubuto."

Kwanakin nan ba doka ba ce, abin da ya dace da aikin ne, kuna iya daidaita su. Abin da ba a sassautawa shi ne kowane roƙo ya zo da ranarsa.

Mataki na biyar: gane amsar da ta kai ga tushe

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin masu saye ke sakin hannu. Mota ta zo ta kwashe kayan, an kawo wasu, kowa ya yi hamdala, bayan wata biyu abin ya dawo.

Amsar farko kusan kullum ɗaya ce daga cikin uku: ruwa ne ya taɓa su a hanya, ko yara ne suka yi sakaci kuma an ja musu kunne, ko kuma bana haka gyaɗa take ko'ina. Kada ka yi fushi da su, kada kuma ka karɓe su. Ka gwada kowace da abin da ke hannunka. In ruwan hanya ne, a watan Nuwamba da damina ta wuce, da buhunan sama da na gefe ne za su jiƙe, da tabon ruwa a jikinsu, ba tare da la'akari da launin zare ba. Namu kuwa a warwatse suke cikin motar, buhun a bushe ta waje, laimar tana cikin ƙwaya. In kuma gyaɗar bana ce duka, me ya sa buhu 140 suka fito a bushe? Musabbabin gaskiya dole ya bayyana abu biyu a lokaci guda, wato me ya sa waɗannan suka lalace, me ya sa kuma waɗancan ba su lalace ba. Amsar da ta kasa bayyana na biyun ba ta iso ba tukuna.

Jan kunnen yara kuwa ba ya gyara komai. Yaro zai tafi, wani ya zo, hanyar aikin tana nan yadda take.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce wadda kamfanin Toyota ya shahara da ita, ta tambaya biyar, a yi ta tambayar "me ya sa" har a iso ga abin da za a iya canzawa. Ba sai an cika biyar ba, ba kuma a tsaya don an kai biyar. Zai fi kyau ku yi ta tare a waya, kai kana tambaya cikin ladabi, shi yana bincikawa wurin mutanensa. A misalinmu ga inda ta kai. Buhu 60 masu shuɗin zare ba daga mangazar Alhaji suka fito ba, wani mai tara masa kaya ne ya kawo su. Me ya sa aka nemo daga waje? Domin busasshiyar da ke hannunsa buhu 140 ce, ranar lodi kuma ta matso. Me ya sa ta wajen take da laima? Domin masu ɓarar sun yayyafa wa kwanson ruwa kafin su zuba a inji, don ƙwayar ta rage fashewa, sannan aka ɗura a buhun leda a ranar ba a sake shanyawa ba. Wannan al'ada ce sananniya a harkar gyaɗa, kuma tana cikin manyan hanyoyin da gubar ke samun shiga bayan girbi. Kwana nawa ta yi a haka? Kusan mako biyu a ɗakin mai tarawar, buhu kan buhu a ƙasa, ga zafi.

Wannan shi ne musabbabin aukuwar. Akwai tambaya ta biyu wadda ake yawan mantawa, kuma a ganina ta fi ta farko muhimmanci ga mai saye: me ya sa kayan suka wuce ta hannun Alhaji ba a gane ba? Amsar ita ce ba shi da na'urar auna laima. Yaransa da haƙori suke gwadawa, in ta yi ƙas ta bushe, kuma a buhunan mangazarsu kawai suka gwada, na wajen daga amalanke aka wuce da su cikin mota. Manoma da masu ɓara suna da yawa, ba mai iya tsare su duka. Ƙofar mangazar Alhaji kuwa guda ce, a nan ne za a iya kafa shinge.

Ka nemi shaida a kan kowane mataki, ba don kana ƙaryata shi ba, sai don shi ma wani ne ya faɗa masa. Hoton littafin saye da ke nuna ranar da aka karɓi buhu 60 ɗin, hoton ɗakin da suka kwana, da awon laimar duk abin da ya rage daga hannun wannan mai tarawar. In ragowar ta nuna 10 ko 11, magana ta tabbata.

Ka kuma yarda a faɗi naka kason in akwai. In kai ne ka matsa a kawo tan 10 cikin kwana biyar a farkon kaka, matsin nan yana cikin sarƙar, kuma gyaransa a hannunka yake.

Mataki na shida: bambanta maye gurbi da gyaran hanya

Alhaji zai ce zai canza maka kayan. Wannan daidai ne, haƙƙinka ne, amma lodin yau kaɗai ya gyara. Ƙa'idar ISO 9001 ta kula da ingancin aiki ma ta raba su biyu, akwai gyara abin da ya lalace, akwai kuma kawar da abin da ya jawo lalacewar. Na biyun kake nema, kuma kowane gyara ya kamata ya fuskanci musabbabi guda, da sunan wanda zai yi da ranar gamawa.

A misalinmu abin da ya dace shi ne Alhaji ya sayi na'urar auna laima a koya wa mutum biyu aiki da ita, a riƙa auna kayan kowane mai tarawa a bakin ƙofa ana rubutawa, duk abin da ya wuce 8 a shanya shi kafin ya shiga buhu. Kowane buhu ya ɗauki alamar wanda ya kawo shi da ranar ɓara, don kada nan gaba a dogara da sa'ar launin zare. A gaya wa masu tarawa a fili cewa ba a sayen gyaɗar da aka jiƙa kafin ɓara, ko kuma Alhaji ya riƙa sayenta da kwanso ya ɓare da kansa. In kaya suka gaza, ya kira ka ya ce buhu 140 ne a hannu, maimakon ya cika mota da abin da bai sani ba. Kai kuma ka yi alkawarin ba za ka hukunta shi kan wannan gaskiyar ba, in ba haka ba gobe zai sake cikawa a ɓoye.

In amsar ta ƙare da "za mu ƙara kula", ka tambaya cikin natsuwa wane ne zai kula, da wane abin awo, kuma a ina za a rubuta.

Mataki na bakwai: makomar lodin da aka ƙi

Za a kawo maka shawarwari, ya kamata ka san amsarsu tun kafin a kawo. Za a ce a shanya a sake aunawa. Shanya tana sauke laima ta tsayar da fumfuna, amma gubar da ta riga ta samu tana nan. Za a ce ai soyawa za a yi. Afilatoksin tana jure zafi, suya tana rage wani abu amma ba abin dogaro ba ce. Za a ce a gauraya da mai kyau adadin ya sauko, wannan kuwa watsa gubar ne cikin abincin mutane da yawa, kuma guba ce mai lalata hanta har ta kai ga sankara, yara ƙanana ne kuma suka fi shan wannan markaɗen a kunu. Za a kuma ce a sake ɗaukar samfuri ko za a dace. Tunda gubar a tattare take wuri-wuri, in aka yi ta maimaitawa wata rana za a sami sakamako mai kyau daga mugun lodi. Gardama kan sakamako da samfurin da aka rufe aka ajiye ake warware ta.

Akwai hanya ɗaya halastacciya ta ceto wani sashe. Tunda bincike ya nuna lodin kaya biyu ne daga tushe biyu, kuma ana iya raba su da ido, za a iya ware buhu 140 masu farin zare a ɗauke su sabon lodi na tan 7, a sake ɗiba daga wuri 60, a tara kilo 20, a niƙa, a gwada, kuɗin gwajin a kan mai kaya. In suka fito ƙasa da 15 a karɓa. Abin da ya halatta wannan shi ne an raba ne bisa dalilin da aka tabbatar, ba don neman sakamakon da ake so ba.

Buhu 60 ɗin kuwa su koma, da takardar da ke cewa an mayar da su da dalilin mayarwar. Ina roƙonka ka tambayi Alhaji inda za su. In aka yi shiru, ƙarshensu kasuwa, mata masu ƙuliƙuli su saya da araha, gubar kuma a tunkuza ta fi zama bayan an matse mai. Ba dabbobi ma ba mafita ba ce kai tsaye, kaji suna cutuwa da ita, saniyar da ta ci kuma tana fitar da wani nau'inta a nono. Tsince ruɓaɓɓu da motsattsu da masu canjin launi da hannu yana rage gubar ƙwarai, amma sai an sake gwadawa bayan tsintar kafin a ce ta dace da ci, abin da aka tsince kuma a ƙone shi ko a binne.

Ku rubuta wanda zai biya kuɗin mota da ƴan dako da labo, da yadda za a yi da kafin alƙalamin da ka bayar, ko a cire daga lodi na gaba ko a dawo da shi.

Mataki na takwas: tabbatarwa kafin a rufe

Takardar gyara ba ta rufuwa ranar da Alhaji ya aiko hoton sabuwar na'ura. Lodi uku masu zuwa a tsaurara musu: kafin mota ta taso ya aiko da hoton littafin awonsa, in ta iso ku auna laimar kowane buhu ku kwatanta da nasa, kowane lodi kuma ya je labo. In na'urarsa da taka suna saɓawa da fiye da rabin maki a kan gyaɗa ɗaya, a haɗa su wuri guda a gwada su da samfuri ɗaya a gano mai karkata. Ka duba ko alamar masu tarawa tana jikin buhuna da gaske. Ka kuma sa ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ya faɗo a lokacin da kaya suka yi wuya a kasuwa, wajen Yuni ko Yuli, domin a lokacin ne ake komawa cike mota da abin da aka samu, ga kuma laimar damina ta fara shiga mangaza. In ukun suka wuce lafiya, ka rubuta masa cewa an rufe maganar, ka koma awon da aka saba. In ɗaya ya faɗi da irin wannan aibin, a sake buɗe binciken daga tambayar yadda kayan suka wuce ƙofarsa, kuma a dakatar da sabon oda har sai wani daga wurinku ya je Maraɗi ya tsaya a kan lodin da kansa.